Babi na Shida: Takardar da Ake Rubutawa Kafin a Kunna Kyamara

Yawancin rigimar da ke tashi tsakanin mai ɗaukar bidiyo mai zaman kansa da wanda ya ba shi aiki ba a wurin taro take tashi ba. Takan taso ne bayan mako uku ko huɗu, lokacin da an watse, baƙi sun koma gidajensu, kuɗin biki ya ƙare, shi kuma mai kyamara yana zaune gaban kwamfuta yana tace abin da ya ɗauko. A nan ne kowa zai tuna abin da aka yi magana a kansa ta fuskar da ta fi masa daɗi. Mai aiki ya ce ai an yi da shi har da kai amarya. Mai kyamara ya ce sam, kamu da ɗaurin aure da dina kawai aka ce. Sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu. Magana ce aka yi ta a tsaye, a ƙofar shago ko ta waya, kowa ya cike giɓin da abin da ke ransa.

Zan ɗauki aikin biki ɗaya in bi shi daga farko zuwa ƙarshe, domin shi ne aikin da ya fi ciyar da masu wannan sana'a a Kano da Kaduna da Abuja, kuma shi ne aka fi yi ba tare da rubutu ba. Mu ƙaddara wata Hajiya ce za ta aurar da 'yarta, ta kira mai kyamara, suka daidaita a kan naira 900,000. Wannan adadi misali ne kawai don lissafi ya fito fili, kowa ya sa nasa gwargwadon kasuwarsa.

Abu na farko da takarda za ta kashe bakinsa shi ne iyakar aikin. "Ɗaukar bidiyon biki" ba iyaka ba ce, domin bikin Bahaushe ba taro ɗaya ba ne. Sai a rubuta tarukan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ranarsa da wurinsa da awoyinsa: kamu ranar Alhamis, awa huɗu, ɗaurin aure ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, awa biyu, dina ranar Asabar da dare, awa biyar. Jimla awa goma sha ɗaya ke nan, da kyamara biyu da mutum uku, wato masu ɗauka biyu da yaro mai riƙe fitila da kula da sauti. Sannan a rubuta abin da ba ya ciki. Wannan layin masu kyamara ke jin nauyin rubutawa, alhali shi ya fi ceton su: babu walima, babu kai amarya, babu buɗar kai, babu hotunan kati, babu ɗauka daga sama da jirgi marar matuƙi. In ana son ɗaya daga ciki, ga farashinsa a gefe.

Awoyin nan kuma suna bukatar a faɗi daga yaushe suke fara ƙirguwa. Katin gayyata ya ce dina ƙarfe bakwai. Mai kyamara ya iso ƙarfe shida ya kafa fitilu, ya gwada sauti da na'urar makaɗi. Amarya ba ta shigo zaure ba sai goma saura. In ba a rubuta komai ba, Hajiya za ta ƙirga awa biyar daga shigowar amarya, shi kuma zai ƙirga daga bakwai, ratar da ke tsakaninsu kusan awa uku ce ta mutum uku da hayar fitilu. Jimla ɗaya ke raba wannan gardama: lokaci yana fara ƙirguwa daga sa'ar da aka rubuta a takarda ko an fara taro ko ba a fara ba, kuma kowace awa da ta haura naira 25,000 ce. Amfanin wannan jimla ba tara kuɗin ƙari ba ne. Amfaninta shi ne da ƙarfe goma sha biyu ya buga, mai kyamara yana da bakin da zai matsa kusa ya ce, "Hajiya, lokacinmu ya cika, mu ci gaba ko mu tattara?" Ita kuma ta san abin da amsarta za ta jawo.

Ɗaya rabin iyakar aikin shi ne abin da za a miƙa a ƙarshe. A nan ma sai an ƙirga: cikakken fim ɗaya na minti 60 zuwa 75 da ya haɗa tarukan uku, taƙaitaccen bidiyo ɗaya na minti biyar, da gajeru uku na tsaye, kowanne ƙasa da minti ɗaya, irin waɗanda ake sakawa a Instagram ko a WhatsApp. A faɗi girman hoton, 1080p ne ko 4K, a faɗi ta yaya za a miƙa, a filash ne ko ta intanet, a kuma faɗi ranar: taƙaitaccen cikin kwana goma, cikakken cikin mako shida. Mai kyamarar da ya yi alkawarin mako ɗaya a tsakiyar Disamba, lokacin da yake da biki kowane ƙarshen mako, ya san ba zai cika ba tun yana faɗa.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sharɗanta cewa a ijara dole aiki ya zama sananne, lada ma ya zama sananne. Don haka in wani dattijo ya ce rubutu alamar rashin yarda ce, akwai amsar da za a ba shi daga cikin gida.

Sai maganar gyara, wadda a ganina ita ce ke cinye ribar yawancin masu wannan aiki ba tare da sun lura ba. Wanda bai taɓa zama gaban na'urar tacewa ba yana ganin "ɗan cire wannan" aikin minti biyu ne. Wani lokaci haka ne. Amma bayan an cire, sai an daidaita sautin da ke ƙarƙashi, a duba launi, a sake fitar da fim ɗin gaba ɗaya, wanda ga fim mai tsawon awa guda yana iya ɗaukar awa ɗaya ko fiye gwargwadon ƙarfin kwamfutar, in wuta ta bari, sannan a sake ɗora shi da data. In aka yi haka sau takwas, an ƙara kwanaki na aiki a kan farashin da bai motsa ba.

Abin da aka saba rubutawa shi ne zagaye biyu na gyara a cikin farashi. Sai dai kalmar "biyu" ita kaɗai ba ta hana komai, har sai an faɗi mene ne zagaye ɗaya. Zagaye ɗaya shi ne jerin gyare-gyare guda, a rubuce, a saƙo ɗaya, daga bakin mutum ɗaya, cikin kwana bakwai da karɓar fim ɗin. Kowane gyara kuma ya zo da mintinsa. Ga bambancin a aikace. Saƙon murya ya shigo cewa, "Malam, wajen rawar nan akwai wata mai koren mayafi, don Allah a cire ta." Mai tacewa zai zauna ya bi minti ashirin na rawa yana neman koren mayafi a cikin mata ɗari da suka yi anko. Amma in aka rubuta cewa daga minti 34 da daƙiƙa 10 zuwa minti 34 da daƙiƙa 25 a cire, cikin ɗan lokaci an gama.

Sharaɗin mutum ɗaya ya fi sauran muhimmanci a aikin biki, saboda fim ɗin biki masu shi da yawa ne. Amarya tana son a rage jawabin iyaye a ƙara rawa. Mahaifiyarta tana son kowace ƙawarta ta fito a wurin liƙi. Ango ya kira da dare ya ce abokansa ba su fito sosai ba. Yayar amarya ta ce a cire dangin da ba a shiri da su. In mai kyamara ya biye wa kowa, gyaran wannan zai rushe na wancan, a ƙarshe kuma shi za a ce bai iya aiki ba. Takarda ta ambaci sunan mutum ɗaya, sauran su kai masa nasu, su yi gardamarsu a gida, abin da suka tsayar shi za a turo.

Dole kuma a raba gyara da sabon aiki. Tela zai rage maka hannun riga kyauta, amma in ka ce a mayar da kaftani babbar riga, wannan ɗinki ne sabo. Cire fuska, gyara suna, rage tsawon jawabi, sauya jerin hotuna biyu, duk gyara ne. Sauya waƙar da aka ɗora taƙaitaccen bidiyo a kanta ba gyara ba ne, domin kowane yanka an yi shi ne a kan bugun kiɗan. In waƙa ta sauya, sai an warware minti biyar ɗin an sake ginawa. Saboda haka mai hankali yakan tura waƙoƙi biyu ko uku a zaɓa tun kafin ya fara, a rubuta cewa an zaɓa. A ɗaya ɓangaren kuma, kuskuren mai kyamara ba ya shiga lissafin zagaye. In ya rubuta sunan ango ba daidai ba, ko sauti ya riga hoto, gyaransa a wuyansa yake ko sau nawa ne. Zagaye na uku da abin da ya biyo baya naira 30,000 kowanne. Kuma in kwana goma sha huɗu suka wuce ba a turo gyara ba, an ɗauka an karɓi aikin. In babu wannan jimlar, bayan wata takwas za a iya kiran ka a ce an samu saɓani da wata ƙawa, a cire ta daga fim.

Yanzu ga tambayar da ta fi ruɗa mutane: bidiyon na wane ne? Hajiya za ta ce nata ne, ita ta biya, 'yarta ce a ciki. Mai kyamara zai ce nasa ne, shi ya ɗauka. Abubuwa uku ne suka cakuɗe a nan, kuma kowanne hukuncinsa daban: fim ɗin da aka tace aka miƙa, ɗanyen bidiyon da ya fito daga kyamara, da haƙƙin mallaka, wato ikon kwafa da yaɗawa da sayarwa.

A Najeriya dokar da ke aiki ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali daga 1988. Ƙa'idarta ta farko ita ce haƙƙi yana farawa ne a hannun wanda ya ƙirƙiri aikin, sai in an yi yarjejeniyar da ta saɓa wa haka. Biyan kuɗi kaɗai ba ya mayar da haƙƙin ga mai biya, haka ma riƙe filash ɗin da fim yake ciki. Mayar da haƙƙi gaba ɗaya ga wani, ko ba shi izinin da ya keɓanta da shi kaɗai, ba ya inganta sai a rubuce. Sai dai kada mai kyamara ya yi saurin murna. A aikin bidiyo, wanda doka take ɗauka a matsayin mai ƙirƙira shi ne wanda ya yi shirye-shiryen samar da aikin, sai in ɓangarorin sun rubuta wani abu daban. A biki, inda mai kyamara ya kawo kayansa da mutanensa ya tsara ɗaukarsa, hujjarsa tana da ƙarfi. Amma a tallar kamfani, inda kamfanin ya rubuta labari, ya nemo 'yan wasa, ya biya wuri, ya kira ka ka riƙe kyamara kawai, zai iya cewa shi ya yi shirye-shiryen. Maimakon a bar wa alƙali ya warware, layi biyu a takarda sun isa.

Dokar ta kuma yi tanadi na musamman ga irin aikin Hajiya. Wanda ya sa a yi masa hoto ko bidiyo don amfanin kansa da iyalinsa yana da izinin amfani da shi a abin da ba kasuwanci ba, kuma yana da ikon hana a wallafa shi ko a nuna wa jama'a, sai in sun amince da wani abu daban. Ma'ana, mai kyamarar da ya yanko rawar amarya ya saka a shafinsa don jan kwastoma ba tare da izini ba, ko da haƙƙin mallaka yana hannunsa, iyalin suna da ikon tsayar da shi. A ƙasar Hausa wannan ya wuce maganar doka. Kamu taron mata ne, akwai matan aure da suka saki jiki saboda sun san a cikin gida suke, kuma daƙiƙa talatin a TikTok ta isa ta haɗa mace da mijinta. Don haka a rubuta ƙarara: ko dai babu abin da za a saka, ko kuma za a saka guntu ɗaya da bai wuce minti ɗaya ba, bayan wanda aka ambata a takarda ya gani ya amince a rubuce. Wasu masu kyamara suna rage farashi kaɗan ga wanda ya yarda a yi talla da aikinsa, kuma ina ganin wannan ciniki ne mai tsabta. Mai ɗauka na biyu da aka ɗauko haya shi ma sai an ɗaure shi da wannan sharaɗi, ya miƙa katin kyamararsa a daren, domin sau da yawa ta wayarsa abin ke fita.

Ɗanyen bidiyo kuwa, shawarata ita ce kada ya shiga farashin farko, a sa masa nasa. Dalilin yana cikin lissafi. Kyamarar da ke ɗaukar 4K a kan megabit 100 a daƙiƙa tana cin kimanin gigabait 45 a awa. In kowace kyamara ta yi awa takwas tana ɗauka a cikin awa goma sha ɗayan nan, awa goma sha shida ke nan, wato gigabait 720. Mai aiki da hankali yana ajiye kwafi biyu a wuri biyu, abin ya kusa terabait ɗaya da rabi a biki guda. Wannan ba ya tafiya ta WhatsApp, sai an sayi faifan ajiya na musamman, kuma wani ne zai biya. Ban da haka, ɗanyen bidiyo ba abin kallo ba ne: in an ɗauka da tsarin da ke barin launi a kwance don a gyara daga baya, zai fito fari-fari kamar an wanke shi, ga girgiza, ga maganganun da makirufo ya kwasa waɗanda masu su ba su san ana naɗa ba. In Hajiya tana so duk da haka, a rubuta farashi, faifan a wuyanta. A kuma rubuta tsawon lokacin da mai kyamara zai ajiye shi, misali wata shida daga ranar miƙa aiki, bayan haka yana da damar gogewa.

Aikin gwamnati daban yake. Dokar ta ce abin da aka yi wa gwamnati ko ma'aikatarta ko hukumarta a ƙarƙashin kwangila, haƙƙinsa na gwamnatin ne, sai in an rubuta akasin haka. Manyan ƙungiyoyin agaji da kamfanoni su ma sukan zo da tasu takardar da ke karɓe komai har da ɗanyen bidiyo. Babu laifi a sa hannu, amma a san cewa an sayar da abu biyu ne, aiki da mallaka, farashin ya nuna haka.

Tsarin biya shi ne ke ba duk sharuɗɗan da suka gabata ƙarfi, domin an ɗaure kowane kaso da wani mataki na aikin. A kan naira 900,000, kafin alƙalami rabi ne, 450,000, ranar sa hannu. Da shi ake riƙe ranakun, da shi ake biyan hayar fitilu da ruwan tabarau da mai ɗauka na biyu da mota. Ranar da kuɗin bai shigo ba ba a riƙe ta ba, ko da an yi musabaha. Kaso na biyu, kashi talatin cikin ɗari, 270,000, ana biyan sa kafin taron ƙarshe, wato kafin a shiga dina. Dalilin sanya shi a nan sananne ne ga duk wanda ya taɓa bin bashin biki: kafin taro kowa yana da kuɗi a hannu kuma yana bukatar ka, bayan taro mai abinci da mai zaure da mai ado duk suna layi, kai kuma aikinka ba a ma gan shi ba tukuna. Cikon 180,000 da kuɗin awoyin da suka haura ana biyan su bayan an amince da gyaran ƙarshe, kafin a miƙa fim mai tsabta. Duk abin da aka tura don dubawa kafin nan yana ɗauke da tambarin mai kyamara a tsakiyar hoto, kuma ƙaramin kwafi ne. Wanda ya miƙa fim mai tsabta yana jiran ciko ya mayar da kansa mai roƙo. Kuma a duba asusu a ga kuɗi sun zauna, kada a dogara da hoton rasit ko alat da aka turo.

Kashi ashirin na ƙarshe kariya ce ga Hajiya ita ma, shi ya sa ban goyi bayan masu karɓar kuɗinsu duka kafin taro ba. Mai kyamarar da ya riga ya cinye kuɗinsa ba shi da abin da zai tashe shi ya gama tacewa, sabon biki zai bi. Takarda mai adalci tana ɗaure shi shi ma: in ya wuce mako shida ba da dalilin da ya fito daga wajen masu biki ba, ana rage wani abu daga cikon a kowane mako. In rashin lafiya ta hana shi zuwa, zai turo wanda ya kai shi iyawa ko ya mayar da abin da ya karɓa. In kati ya lalace taro guda ya ɓace, zai mayar da kason wannan taron. Saboda haka yana da kyau tun farko a raba farashin a kan tarukan, misali kamu 300,000, ɗaurin aure 150,000, dina 450,000, don kada a zo ana ciniki cikin ɓacin rai.

Biki kuma ana ɗaga shi, wani lokaci a fasa. In an ɗaga, kafin alƙalami ya bi sabuwar ranar matuƙar mai kyamara ba shi da wani aiki a cikinta, sau ɗaya, cikin wata shida. Bayan haka a sake duba farashi, domin kayan wannan sana'a da dala ake sayen su, kuma duk wanda ya ga yadda naira ta faɗi bayan Yunin 2023 ya san farashin bara ba ya ɗaukar aikin bana. In an fasa, a duba nisan ranar. Fiye da wata guda kafin taro, a mayar da mafi yawan kuɗin a cire abin da aka riga aka kashe. Ƙasa da mako biyu, kafin alƙalami ya zauna, domin mai kyamara ya riga ya mayar da wasu masu neman ranar. Mutuwa ko babbar rashin lafiya a gidan biki kuwa, yawancin mutanen kirki sukan sassauta fiye da abin da takarda ta ce, kuma babu abin da ya hana.

Duk wannan yana shiga shafi biyu, da Hausa ko da Turanci, duk wanda ɓangarorin suka fi fahimta. In sa hannu a takarda ya yi wuya saboda nisa, a tura sharuɗɗan a rubuce ta WhatsApp ko imel, a nemi amsa a rubuce cewa an karanta an amince, a adana saƙon tare da shaidar tura kuɗi. Dokar Shaida ta 2011 ta buɗe ƙofar karɓar irin waɗannan saƙonni a kotu in an cika sharuɗɗanta. Amma inda za a mayar da haƙƙin mallaka ga wani, a yi takarda sosai kowa ya sa hannu. Sannan a lura da wanda yake amincewa. In Hajiya ce mai biya, sunanta ne zai hau takarda, ba na amarya ba, ba na ƙanin da aka aiko ya yi ciniki ba. In kuma dangin ango ne za su biya dina, dangin amarya su biya kamu, to aiki biyu ne, a yi takarda biyu, kowace da nata kafin alƙalami da nata mai turo gyara.